Takardar mai gida a kan risho, hita da konjelater: shin ta kama gaskiyar matsalar?

Maman Hadiza (Zariya):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin wuta, domin jiya bayan Magariba yaron mai gidanmu ya bi ɗaki ɗaki ya raba mana takarda, kuma tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba. Gidan haya ne a unguwar Zariya ta Maraɗi, mai ɗaki takwas, huɗu gabas huɗu yamma, dukkanmu a kan konter ɗaya muke, muna raba kuɗin wuta a ƙarshen wata. Ga abin da takardar ta ce, na kwafo shi kamar yadda yake:

"Zuwa ga dukkan masu haya a wannan gida. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ku cewa a makon jiya waya ta narke a cikin silin na ɓangaren gabas, kuma Allah ne kawai ya tsare gobara. Mai gyaran da na kira ya shaida mini cewa kaya ne suka yi wa wayar gidan yawa. Saboda haka, daga farkon wata mai kamawa an hana amfani da rishon lantarki, da hitar ɗumama ruwa, da butar lantarki, da kilim, da konjelater a kowane ɗaki. An yarda da dutsen guga daga ƙarfe shida zuwa tara na safe kawai. An hana jona ralonj a kan ralonj. Fanka, ƙwai, talabijin da ƙaramin firigo babu laifi. Duk wanda aka samu ya saɓa, zai biya kuɗin gyara, idan ya sake kuma a ba shi wa'adin tashi. Na yi haka ne domin tsare rayukanku da dukiyata. Wassalam."

Ni ce mai konjelater a gidan, a ɓangaren yamma nake, kuma da shi nake yin ƙanƙara da zoɓo ina biyan hayar kanta da kuɗin makarantar yara. Ban musa cewa waya ta ƙone ba, domin na ji ƙaurin robar da hancina, na kuma ga baƙin tabo a jikin silin na ɗakin maƙwabciyata. Abin da nake son sani shi ne, da gaske konjelater yana cikin kayan da ke ƙona waya, ko kuwa girman jikinsa ne ya ja masa?

Laminu Tela:
Wa alaikumussalam, Maman Hadiza. Ni a ganina wannan magana ce ta kuɗin wuta aka yi mata riga. Haka aka yi mana a wani gida da na zauna a Sabon Gari, inda masu fanka ɗaya suka dinga ƙorafin cewa suna biya wa masu firigo, har aka koma ƙirga ƙwai da soket na kowane ɗaki kafin a raba kuɗin. Ki ce masa za ki ƙara jaka biyu a kan rabonki kowane wata, ina kyautata zaton za ki ga maganar ta mutu.

Maman Hadiza (Zariya):
Malam Laminu, na gode, amma ba nan gizo yake saƙar ba. Tun da na kawo konjelater nake biyan kaso biyu, kuma babu wanda ya taɓa yi mini ƙorafi. Mai gidan ba ya cin ko dala a kuɗin wutar, tsoron gobara ne ya sa shi rubutun, kuma a kan wannan ba na ganin laifinsa.

Abdul-Azizu:
Inna, a iya abin da muka karanta, mai gidan yana da hujja a kan konjelater da kilim. Duk abin da ke da kwamfaresa, lokacin da zai tashi yana jan wuta ninki uku zuwa biyar na abin da yake ja idan ya daidaita, shi ya sa kike ganin ƙwai ya ɗan dushe idan firigo ya tashi. Idan disjonkter, wato na'urar da ke yanke wuta idan nauyi ya yi yawa, yana yawan faɗuwa, abin da ya kamata shi ne mai gida ya je Nijelek ya nemi a ƙara masa ƙarfin da ya yi rajista, a sa masa disjonkter babba, kowa ya huta.

Malam Sani mai gyaran wuta:
Assalamu alaikum. Na karanta takardar sau biyu. Kafin in ce komai, Maman Hadiza, ina da tambayoyi uku, kuma ki duba da ido kawai, kada ki taɓa komai. Wace lamba ce a rubuce a jikin disjonkter da ke ƙarƙashin konter? Bayan shi akwai wasu ƙananan disjonkter na ɗakuna, ko shi kaɗai ne a gidan? Sannan a bayan konjelater ɗinki akwai ƴar takarda da aka manna, ki karanto mini lambar da ke gaban harafin W ko harafin A.

Abdul-Azizu, rabin maganarka gaskiya ce. Kwamfaresa yana fizgar wuta idan zai tashi, amma fizgar ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma waya ba ta narkewa a cikin daƙiƙa biyu. Abin da ke dafa waya shi ne nauyin da ya zauna a kanta minti ashirin, minti arba'in, awa guda. Ɗaya rabin kuwa, wato a sa disjonkter babba, ina roƙonka kada ka sake ba kowa wannan shawarar sai ka san kaurin wayar da ke bayansa. Zan dawo kanta.

Maman Hadiza (Zariya):
Malam Sani, na duba. A jikin disjonkter an rubuta 30 A, kuma shi kaɗai ne, babu wani a duk gidan. A bayan konjelater an rubuta 180 W. Na kuma tambayi yaron mai gida, ya nuna mini guntun wayar da aka yanke aka jefar a bayan ɗaki, siririya ce ƙwarai, a inda robar ba ta ƙone ba ana iya karanta 1.5. Ya ce waya ɗaya ce ta fito daga konter ta bi ɗakunan gabas huɗu, wata irinta kuma ta bi na yamma.

Malam Sani mai gyaran wuta:
To, yanzu magana ta fito fili, kuma ku yi mini haƙuri zan ɗan tsawaita, domin gidajen haya da yawa a garin nan haka aka ja musu wuta.

Wutarmu a Nijar bolt 220 ce. Idan kana son sanin nauyin da wani abu yake ɗora wa waya, sai ka raba wat ɗinsa da 220, abin da ya fito shi ne amfer. Konjelater na Maman Hadiza wat 180 ne, wato bai ma cika amfer ɗaya ba, ko da mun yi masa rangwame mun ce amfer ɗaya da rabi saboda halin injin. Risho mai kai ɗaya yakan kai wat 1500, wato kusan amfer 7. Butar lantarki takan kai wat 2000, amfer 9 ke nan. Dutsen guga na wat 1200 yana jan amfer biyar da rabi. Kun ga buta ɗaya da ba ta fi tulun shayi girma ba ta fi konjelater nauyi fiye da sau goma a lissafin wat. Duk abin da aikinsa shi ne ya yi zafi, shi ne mai cin wuta. Ido yana auna girman akwati, waya kuwa amfer kawai ta sani.

Yanzu mu zo kan gidan. Waya mai milimita 1.5 ta jan ƙarfe, ƙa'idar da muka koya ita ce ba a sa mata disjonkter da ya wuce amfer 16. Mai 2.5 ana sa mata 20, mai 6 ana sa mata 32. A wannan gida an sa wa waya mai 1.5 mai gadi na amfer 30, ma'ana mai gadin ba zai farka ba sai nauyi ya kusa ninka abin da wayar take iya ɗauka.

Mu ɗauki safiyar da abin ya faru, ko wata mai kama da ita. Kowane ɗaki da fanka, da ƙwai biyu, da talabijin, da cajar waya, mu ce wat 200. Ɗakunan gabas huɗu sun ba da 800, mu ƙara firigo biyu na wat 150, ya zama 1100, wato amfer 5. Wata ta ɗora risho don dafa wa yara abin kari, amfer 7, sun zama 12. Wani a ɗaki na gaba ya jona buta ko hita don ruwan wanka, amfer 9, sun zama 21. Ɓangaren yamma a lokacin yana jan nasa amfer 5, jimilla 26 ke nan a konter, bai kai 30 ba, saboda haka disjonkter yana zaune lafiya, ba shi da dalilin faɗuwa. Amma wayar gabas da aka yi don 16 tana ɗauke da 21.

Wani zai ce ai ƙarin biyar ne kacal. Zafin waya ba ya tafiya kai da kai da amfer, idan amfer ya ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi. Daga 16 zuwa 21, zafin ya ƙaru da kusan kashi saba'in cikin ɗari. Idan wani ya ƙara dutsen guga a kai, ta koma 26 da rabi, zafin ya kusa ninki uku, kuma ko a nan disjonkter ba lallai ya faɗi nan take ba, domin idan nauyi ya ɗan haura lambarsa kaɗan yakan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya yanke. Sai ku haɗa da inda wayar take kwance, a cikin silin, ƙarƙashin kwano, a watan Afrilu da zafin Maraɗi yake haura digiri 40 a inuwa. Robar da ke jikin irin wannan waya digiri 70 aka yi ta ta jure. Idan cikin silin ya riga ya yi zafin tanda, ɗan abin da ya rage mata kaɗan ne. Ba a rana ɗaya take lalacewa ba, yau ta yi laushi, gobe ta bushe, wata rana ta tsage, har ranar da wayoyi biyu za su haɗu ko katako ya kama.

Saboda haka amsata ga Maman Hadiza ita ce, konjelater ɗinki ba shi ya ƙona wayar gabas ba, ba ma a kan layin yake ba. Mai gida ya yi daidai a kan risho, hita da buta, ya yi daidai a kan ralonj, amma ya sa konjelater cikin jerin bisa kuskure.

Hajiya Rabi:
Malam, Allah ya saka da alheri. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar guga daga shida zuwa tara. A gidan da ƙanwata take haya, daidai wannan lokacin ne kowa yake shirin makaranta da aiki. Idan aka ce kowa ya yi guga a cikin awa ukun nan, ba tara su aka yi a wuri ɗaya ba?

Malam Sani mai gyaran wuta:
Hajiya, kin ga abin da ni ma na so in taɓo. Wannan sharaɗin shi ne mafi rauni a takardar. Dutse huɗu a ɓangare ɗaya a lokaci ɗaya amfer 22 ne, ban da fanka da firigo, wato an dawo da hatsarin da ake gudu ta ƙofar baya. Abin da ke ɗan rage abin shi ne dutsen guga yana kashe kansa idan ya yi zafi ya sake kamawa, amma ba a gina tsaro a kan sa'a. Da ni aka tambaya, da na ce dutse ɗaya a kowane ɓangare a lokaci ɗaya, ko da wane lokaci ne, su tsara juyi a tsakaninsu. Dutse ɗaya da amfer 5 na yau da kullum sun kama goma da rabi, wayar tana iya ɗauka idan lafiyarta ƙalau.

Alhaji Ila:
Assalamu alaikum. Ni mai gidan haya ne, ina da gida a Ali Ɗan Sofo, kuma ina so a ji ta bakinmu. Lokacin da na gina gidana, abin da mai haya yake shigowa da shi bai wuce fanka da rediyo ba, a kan haka aka ja wutar, a kan haka kuma aka yanka kuɗin haya. Yau mutum zai shigo da kayan da suka ishi gida guda, ba zai gaya maka ba, sai ka ji ana ihun gobara. Idan gida ya ƙone, mai haya zai kwashe abin da ya tsira ya nemi wani gidan, ni kuwa gumin shekara ashirin ne ya tafi. Malam Sani, lissafinka na fahimce shi, amma mai gida ba zai iya bin ɗaki takwas yana karanta wat a bayan kaya ba. Sunan abu shi ne abin da kowa ya gane, shi ya sa ake rubuta sunaye. Idan ka buɗe ƙofa ga konjelater ɗaya, wata uku za ka tarar da huɗu.

Malam Sani mai gyaran wuta:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, ban raina uzurinka ba, kuma na yarda cewa takarda mai sunaye ta fi sauƙin bi. Sai dai ka duba inda sunaye suke yoyo. Takardar nan ba ta ambaci tukunyar dafa shinkafa ta lantarki ba, ba ta ambaci na'urar busar da gashi ba, wadda takan kai wat 1500 zuwa 2000, ba ta ambaci risho mai kai biyu da wani zai ce ai murhu ne ba risho ba. Duk wanda ya kawo ɗayansu zai ce ba a hana ba, kuma bai yi ƙarya ba. Jimla ɗaya ta ishe ka: duk abin da ya wuce wat 500 ba a jona shi sai da izini, ban da dutsen guga da aka yi wa tsarinsa. Lambar a rubuce take a jikin kowane kaya, yaro ɗan firamare zai karanta maka. Konjelater huɗu da kake tsoro kuma, a haɗe ba su kai buta ɗaya ba, amma kana da damar cewa ɗaya a kowane ɓangare.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne, takarda ba ta yanke wuta. Ranar da baƙuwa ta zo daga ƙauye ba ta san dokar ba, ko sanyin Janairu ya sa wani ya jefa hita a bokiti da asuba yana cewa sau ɗaya ne, me zai tsare wayar? Mafi ƙarancin abin da mai gidan nan zai yi, tun kafin farkon watan da ya ambata, shi ne ya sa ƙaramin allo bayan konter, da disjonkter ɗaya na gabas ɗaya na yamma. Ni a irin wannan tsohuwar waya da ta riga ta sha zafi, amfer 10 zan sa, ba 16 ba, sai an sake ta, kuma ina faɗa tun yanzu cewa a kan amfer 10 ko dutse ɗaya sai an kashe wasu fankoki kafin a jona shi. Aikin rabin yini ne. Daga ranar, idan aka tara wa layi nauyi kamar risho da buta, wutar ɓangarensu ce za ta ɗauke kafin waya ta yi zafi, kuma wanda ya jona, maƙwabtansa uku ne za su yi masa magana, ba sai Alhaji ya zo ba.

Gyara na gaskiya kuma shi ne kowane ɗaki ya samu layinsa daga allo, waya mai 2.5 don soket da disjonkter nasa, ƙwai da fanka a kan 1.5. Sannan ne za a yi maganar zuwa Nijelek neman ƙarin ƙarfi ko konter na biyu, domin amfer 30 a raba wa ɗaki takwas bai kai amfer huɗu ga kowa ba, wajen wat 800 ke nan. Abdul-Azizu, ka ga inda shawararka take zama daidai: a ƙarshe, bayan an sake waya. Idan aka fara da ita, an ƙara wa mai gadi barci ne kawai.

Abdul-Azizu:
Na karɓi gyara, Baba. Amma ina da sauran tambaya a kan kilim. Na ga ƙaramin kilim da aka rubuta wat 900 a jikinsa, bai kai dutsen guga ba. Me ya sa za a bar dutse a hana shi? Sannan idan wuta ta yi rauni, ba sauƙi waya take samu ba, tunda ƙarfin ya ragu?

Malam Sani mai gyaran wuta:
Dutse minti goma sha biyar ne an gama, kilim kuwa a bazara tun azahar har asuba yake aiki, kuma wanda ya sa shi ba ya kashewa don maƙwabci zai yi guga. Amfer huɗu zuwa biyar ne da zai zauna a kan layin dare da rana, ya cinye duk rarar da ake da ita. A kan wannan waya ina tare da mai gida, kilim sai da layinsa na kansa.

Game da raunin wuta, ya danganta da kayan. Risho da hita idan bolt ya sauka, su ma jan su yana sauka, sai dai su daɗe ba su tafasa ruwa ba. Injin kuwa akasin haka yake yi, yana ƙara jan amfer don ya cika aikinsa, wani lokaci ya kasa tashi ya tsaya yana gurnani yana zafi. Wanda ya sa regilater kuma ya sani cewa ba ya ƙirƙirar wuta, ƙarin amfer yake ja daga layi ya mayar da shi bolt. Kayan wat 1000 da ke jan amfer huɗu da rabi a 220, idan wuta ta sauka 160 regilater zai ja fiye da shida daga bango. Maman Hadiza, wannan ya shafe ki: idan kin ji konjelater yana ƙoƙarin tashi yana ƙas yana komawa, ki cire shi, ki jira wuta ta daidaita.

Maman Nana (Bagalam):
Ni tambayata ta ɗan bambanta, ku gafarce ni. A ɗakina babu risho babu hita, amma soket ɗin da nake jona firigo ya yi baƙi a gefe ɗaya, kuma idan na dafa murfinsa ina jin ɗumi. Wani lokaci ina jin wari kamar na kifi, na share ɗakin kaf ban ga komai ba. Mijina ya ce firigon ne ya yi wa soket ɗin nauyi. Shin haka ne?

Malam Sani mai gyaran wuta:
Maman Nana, ki cire firigon daga wannan soket yau ɗin nan, kada ki bari ya kwana. Warin kifin da kike ji robar soket ce take dahuwa. Ba nauyi ba ne, firigo bai isa ba, haɗi ne ya saki. Idan noti bai danne waya da kyau ba, ko bakin soket ya buɗe ba ya kama filogi, wuta tana matsewa ta ƙaramin wuri sai wurin ya yi zafi, zafin ya ƙara sassauta shi, haka har ya kama. Irin wannan babu disjonkter na nauyi da zai gan shi, domin amfer ɗin bai wuce ƙa'ida ba. A kira mai gyara ya kashe wuta daga konter, ya yanke wayar har inda jan ƙarfenta yake da haske, ya sa sabon soket.

Wannan ya tuna mini abin da ya kamata a duba a gidan su Maman Hadiza. A aikina, yawancin wayar da na tarar ta narke a silin, a wurin haɗi ta narke, inda aka murɗa wayoyi da hannu aka naɗe da baƙin salatif maimakon a sa domino, wato mahaɗin waya mai noti, a cikin akwati. Sannan akwai waya a kasuwa da idan ka kankare bakinta da wuƙa za ka ga fari a ciki, alminiyom ne aka lulluɓe shi da jan ƙarfe. An rubuta 1.5 ko 2.5 a jikinta, amma ba ta ɗaukar abin da ta jan ƙarfe zalla take ɗauka, kuma tana saurin karyewa a ƙarƙashin noti. Maman Hadiza, ki kankare guntun nan da aka jefar ki gani. Idan fari ne, to lissafin da na yi a sama ma na yi wa wayar alfarma.

Alhaji Ila:
Malam Sani, maganar ƙananan disjonkter biyu na karɓa, zan ma sa a duba nawa gidan. Amma sake wayar ɗaki takwas ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma wanda yake son risho da kilim shi ne mai haya. A ganina ko dai masu haya su haɗa rabin kuɗin, ko a yi gyaran a ƙara kuɗin haya. Ba adalci ba ne a ce mai gida ya ɗauka shi kaɗai.

Hajiya Rabi:
Alhaji, da girmanka, a nan ban bi ka ba. Wayar da aka binne a bango ta gida ce, ranar da mai haya zai tashi ba zai naɗe ta ya tafi da ita ba. Wanda yake son layi na musamman don kilim, wannan ya biya da kansa, na yarda. Amma wayar da ba ta da mai tsaronta tun farko aibin gini ne, kamar rufin da ke yoyo. Kuma ina ganin wa'adin tashi da aka rubuta ya yi tsauri ga mutanen da ba a taɓa gaya musu iyakar wayar ba sai jiya.

Alhaji Ila:
Hajiya, rufi ba ya yoyo don mai haya ya ƙara masa ruwa, waya kuwa ƙara mata aka yi. Amma na ji, kowa da inda yake kallo.

Laminu Tela:
Ni dai na janye maganata ta farko. Malam Sani, shagona dutse biyu ne da keke mai mota a kan ralonj ɗaya mai baki huɗu, kuma wayarsa takan yi laushi da rana. In na fahimce ka, amfer goma sha ɗaya nake bi da su ta cikinta ban da keken?

Malam Sani mai gyaran wuta:
Haka ne, Malam Laminu, idan dutsen na wat 1200 ne kowanne. Yawancin ralonj masu araha wayar cikinsu ba ta kai ko milimita ɗaya ba, ko da an rubuta babbar lamba a kwalin. Laushin da kake ji gargaɗi ne. Kowane dutse ya samu soket nasa a bango, kuma kada ka bar ralonj a naɗe yana aiki, zafi yana taruwa a cikin naɗin, balle a shagon da ƙyalle yake ko'ina.

Maman Hadiza (Zariya):
Na kankare guntun wayar da wuƙar kicin kamar yadda Malam ya ce, ja ce har ciki, alhamdu lillahi. Amma a ƙarshenta akwai dunƙulen salatif da ya narke ya manne, da wayoyi uku a murɗe a ciki. Da yamma ni da maigidana da dattijon da ya fi daɗewa a gidan muka je wurin mai gida, muka kai masa guntun da lissafin Malam Sani da na kwafa a takarda. Ya saurare mu da mutunci. Ya yarda a sa ƙananan disjonkter biyu a wannan makon, ya kuma yarda a mayar da guga dutse ɗaya a kowane ɓangare. A kan konjelater ya ce ba zai soke ba tukuna, sai mai gyaransa ya zo ya auna layin yamma da na'ura yana aiki, ya gani da idonsa. Maganar sake waya kuwa ya ce a bari sai bayan damina, kuma bai faɗi wanda zai biya ba. Malam Sani, idan mai gyaran ya zo, me zan roƙa ya auna don kada a yi awon da rana tsaka lokacin da kowa ya fita?

Malam Sani mai gyaran wuta:
Ki roƙa ya zo da na'urar nan mai baki da ake maƙala wa waya, ya zo da safe wajen ƙarfe bakwai ko bayan Magariba, lokacin da kowa yake gida. Ya maƙala ta a wayar yamma daga inda ta bar konter, ya karanta da konjelater a kashe, sannan a kunna shi a jira minti ɗaya ya sake karantawa, a gaban mai gida. Bambancin da zai gani bai kamata ya wuce amfer ɗaya da rabi ba, idan kuma ya wuce sosai to injin naki ne yake neman gyara, gara ki sani. Tunda ya zo, ya hau silin na yamma da wuta a kashe ya duba kowane haɗi, domin hannun da ya murɗa na gabas shi ya murɗa naku.